Abin da ke cikin ƙwaya bayan maganin

Maigida, jiya wata mata ta dawo da ƙwayar metronidazol da na ba ta, ta ce jikinta ya yi borin jini, alhali a baya ta sha wannan maganin lafiya lau. Na duba kwalin, suna ɗaya ne, ƙarfi ɗaya. To mene ne ya bambanta, kuma a ina ake ganinsa?

Sani, ɗauko kwalayen nan biyu na metronidazol da ke saman kanta, ka ɓallo ƙwaya ɗaya daga kowane kati ka ɗora a tafin hannunka. Ka ga wannan fara ce, waccan rawaya. Dukansu miligiram 200 ne, amma kamfani biyu suka yi su, kuma kowane kamfani da irin haɗinsa. Maganin kansa gari ne, ba zai dunƙule ya zama ƙwaya shi kaɗai ba. Sai an sa masa abin da zai cika shi, da abin da zai ɗaure shi, da abin da zai sa ya narke idan ya isa ciki, wani lokaci da launi. Idan na ruwa ne kuma, sai an ƙara abin zaƙi da abin da zai hana shi lalacewa bayan an buɗe kwalba. Waɗannan ba sa warkar da komai, shi ya sa ake kiransu mahaɗi kawai, amma jikin wasu mutane yana ganinsu ya yi bore.

Kafin mu je ga kwali, ka riƙe wannan: mafi yawan lokaci idan mutum ya sha magani ya yi borin jini, maganin kansa ne ya jawo, ba mahaɗin ba. Kuma don mutum ya taɓa shan abu lafiya ba ya nufin jikinsa ba zai ƙi shi daga baya ba. Abin da ke sa in fara zargin mahaɗi shi ne irin labarin matar nan: magani ɗaya, kamfani ya canja, sai matsala ta bayyana. Zargi na ce, ban ce hukunci ba. Hukuncin na likita ne.

Yanzu juya kwalin rawayar ka karanta gefensa. Kusan duk magungunan da ake shigo da su daga Indiya tsari ɗaya suke bi. Za ka ga "Each tablet contains", sai sunan maganin da nauyinsa. A ƙarƙashi sai ka ga "Excipients q.s.", wanda ke nufin an sa mahaɗi gwargwadon buƙata. Wannan layin bai faɗa maka komai ba, ba suna ba nauyi, kuma nan ne yara da yawa ke tsayawa su ce sun duba. Amma sauka layi ɗaya, za ka ga "Colour". Ga shi nan an rubuta Tartrazine. Wannan shi ne rinin da ya mai da ƙwayar rawaya, kuma farar ba ta da shi.

Rini ɗaya ne amma yana da sunaye kamar ɗan gata. Idan kayan Turai ne za ka iya ganin E102. Idan na Amurka ne za a rubuta FD&C Yellow No. 5. Duk tatrazin ne. Yana da ɗan'uwa mai launin ruwan lemo, Sunset Yellow, wanda shi ne E110, kuma yana yawan zuwa a siro na yara. Mutanen da tatrazin ke tayar wa ƙaiƙayi ko borin jini ba su da yawa, kada ka fara tsorata duk wanda ya sayi ƙwaya mai launi. Amma akwai su, kuma idan mai asma ne ko wanda ya taɓa cewa asfirin na damunsa, ina ƙara buɗe ido.

To da ni ne a kan kanta lokacin da matar ta dawo, ga yadda zan bi. Da farko in dubi fuskarta in saurari numfashinta. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko murya ta shaƙe, ko numfashi na fita da ƙara, ko jiri na ɗibarta, babu zancen karanta kwali. A sa ta a mota ko Keke Napep zuwa asibiti mafi kusa nan take, domin abin da take buƙata allurar adirenalin ce, ba ƙwayar ƙaiƙayi ba. Idan kuwa fata ce kawai, sai in ce ta dakata da sha, in tambaye ta ƙarfe nawa ta sha, bayan minti ko awa nawa abin ya fito, me kuma ta ci ko ta sha ranar, har da na gargajiya. Sannan in roƙe ta ta kawo tsohon katin da ta sha lafiya, ko da fanko ne. Mata da yawa suna ajiye su a jaka. In jera biyun in rubuta abin da ke cikin sabon wanda babu a tsohon. Wannan takardar, da sunan kamfani da lambar rukunin da ke jikin katin, ita za ta kai wa likita. Ba zan miƙa mata farar in ce ta gwada mu gani ba, domin idan maganin ne kansa jikinta ya fara ƙi, karo na biyu zai iya fin na farko muni. Kuma wani abin dariya da ba dariya ba: ƙwayar ƙaiƙayin da aka fi sani, kulofeniramin mai miligiram 4, sau da yawa ita ma rawaya ce. Ka duba rininta kafin ka ba wanda kake zargin rini ya dame shi.

Idan kwali bai faɗa ba, sai takardar da ke naɗe a ciki, wadda kuke zubarwa idan kuna jera kati a kan kanta. Ka daina zubar da ita. Ni kowane magani da ya shigo shagon nan ina ajiye takardarsa ɗaya a cikin wancan fayil ɗin. A takardun da suka bi tsarin Birtaniya da Turai, cikakken jerin yana sashe na 6, can ƙarshe, inda aka ce abin da maganin ya ƙunsa. Gargaɗi kan mahaɗin da aka san yana damun wasu yana ƙarshen sashe na 2. A na Amurka ka nemi "Inactive ingredients". Idan takardar ma ta yi shiru, akwai adireshin kamfani ko na wanda ya shigo da shi a jikin kwalin, kusa da lambar NAFDAC, sai a tambaye su. Ko kuma ka aika mutumin wajen masu haɗa magunguna na asibitin koyarwa da ke Shika. Abin da ba na yarda da shi shi ne ka buɗe waya ka karanta jerin wani kamfani na Ingila, ka ɗauka shi ne na wanda ke hannunka. Jerin na kamfani ne, ba na sunan magani ba.

Laktos kuwa, nan ne aka fi yin ruɗani. Sukarin madara ne, a takarda za ka ga Lactose ko Lactose monohydrate, kuma yana cikin ƙwayoyi masu tarin yawa. Idan mutum ya ce maka madara ba ta karɓarsa, ka tambaye shi me take yi masa. Idan ya ce kumburin ciki, tusa da zawo, to cikinsa ne ba ya narkar da wannan sukarin. Kofin madara ɗaya yana da laktos kusan giram 12, ƙwaya ɗaya kuwa yawanci ba ta kai ko giram ɗaya ba, sau da yawa ƙasa da haka nesa. Don haka yawancin irin waɗannan mutanen suna shan ƙwayar ba su ji komai ba, sai dai wanda ke shan ƙwayoyi da yawa a rana kuma cikinsa ba ya ɗaukar ko kaɗan. Amma idan uwa ta ce ɗanta yana shan madara sai jiki ya feso, fuska ta kumbura, ko ya yi ta amai da shessheƙa, wannan wani abu ne daban. Furotin ɗin madara ne jikinsa ke yaƙa, kuma laktos na magani daga madarar saniya ake tace shi, yana iya zuwa da ɗan burbushin furotin. Wurin da wannan ya fi muhimmanci shi ne maganin asma na shaƙa mai gari, domin da laktos ake haɗa da yawansu kuma kai tsaye huhu yake zuwa. Irin wannan yaron ba a canja masa abin shaƙa sai da sanin likitansa.

Batun gulutin gajere ne a wajenmu. Wani furotin ne da ke fitowa daga alkama da sha'ir. Idan ka ga Maize starch, sitacin masara ne, babu gulutin, haka na dankali da na rogo. Idan ka ga Wheat starch, na alkama ne. Abin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, amma wanda alkama ke tayar wa borin jini ya nisance shi. Idan "Starch" kawai aka rubuta, ba ka san tushensa ba, sai ka tambaya.

Masu hana lalacewa a kayan ruwa suke: siro, maganin ɗiga a ido, man shafawa, allura. Wanda na fi so ka haddace shi ne Sodium metabisulphite, ko E223, domin yana iya tayar wa mai asma ciwonsa. Duk sunan da ya ƙare da "paraben" ko "hydroxybenzoate" dangi ɗaya ne, sun fi jawo ƙaiƙayin fata, musamman idan an shafa a kan gyambo ko fatar da ta riga ta tsage. Benzyl alcohol kuma ba a ba jariri sabon haihuwa abin da ke ɗauke da shi, balle bakwaini.

Akwai ɗaya da ba ka tambaya ba, amma a garin da ake cin ƙuli-ƙuli kullum ya kamata ka san shi. Arachis oil man gyaɗa ne, ba wani abu ba. Allurar atemita ta zazzaɓin cizon sauro a cikin mai ake narka ta, kuma kamfanoni da dama man gyaɗa suke amfani da shi. Da damina, lokacin da mutane ke zuwa da takardar asibiti suna neman ta, idan wani ya ce gyaɗa na kumbura masa baki, ka karanta jikin kwalin kafin ka miƙa, ka kuma ce ya faɗa wa mai yi masa allurar.

Matar jiya ta bar lambar waya? Kira ta ka ji yadda ta kwana, ka ce ta zo da tsohon katin. Kafin ta iso, ciro takardar rawayar nan daga fayil ka kwafe jerin a littafin shago, ka sa kwanan wata.