Me ya sa ake cewa "I suggest that he go" ba tare da "s" ba?

Tambaya: Malaminmu na Turanci ya rubuta "The doctor insisted that she rest". Ba "rests" ya kamata ya rubuta ba? Ko kuskure ne?

Amsa: Malaminku daidai ya rubuta. Wannan sigar ita ake kira "subjunctive", kuma tana biyo bayan aikatau na umarni ko shawara, irin su "insist", "demand" da "suggest". Dalili shi ne, hutun bai faru ba tukuna, so kawai ake yi ya faru. Shi ya sa ake barin aikatau yadda yake a ƙamus: ba "s", ba alamar lokaci, ko da jiya aka ba da umarnin.

Gwada canza shi ka gani. In ka ce "insisted that she rested", ma'ana ta juya: likita ya dage cewa ta riga ta huta, ya zama labari ke nan. A Hausa ma haka muke bambanta "ya ce ya tafi" na umarni da na labari, sai dai mu da tsawon wasali da karin sauti.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne korewa: "that she not work" ake cewa, ba a sa "does". Turawan Ingila kan ce "should rest", Amurkawa kuwa sun fi riƙe sigar zalla.