Lebura ya galabaita a rana: ruwan sanyi ya isa, ko sai an kai shi asibiti?

Tambaya: Salamu alaikum, Likita. Ni magini ne a Mabera, nan Sakkwato. Shekaranjiya muna zuba kankare, wajen ƙarfe ɗaya na rana, wani yaro cikin leburorina ya ajiye kwano ya tsuguna, ya ce jiri yake ji, kansa na sara, cinyarsa ta ɗaure. Ya jiƙe sharkaf da zufa, har ya yi amai sau ɗaya. Na ba shi farasitamol da ruwan sanyi, sai wani dattijo ya ce kada a zuba masa ruwa a jiki, wai zai sandare. Ya dai warware daga baya, amma hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata in yi, kuma yaushe abin yake zama na asibiti?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya sami yaron nan shi ne galabaitar zafi, kuma Allah ya taimake ku ya tsaya a nan. Akwai mataki na gaba da shi, wanda muke kira bugun zafi, shi ne mai kisa. Abin da ya raba su biyun ba yawan zufa ba ne, ba kuma ƙarfin ciwon kai ba. Hankalin mutum ne. Yaronka ya gaya maka da bakinsa abin da ke damunsa, ya san kai ne maigidansa, ya san inda yake. Muddin haka ne, za ka iya kula da shi a wurin aiki. Da zarar magana ta fara rikicewa, lissafi ya canza.

Bari in fara da abin da ya faru a jikinsa, don ka ga dalilin kowane mataki. Daga Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato da rana tsaka kan wuce digiri 40, kuma wanda ke hawa da sauka da kwanon kankare a kansa yana ƙara hura wata wutar daga cikin tsokarsa. Idan iska ta fi jiki zafi, hanya ɗaya ta rage wa jiki ya huce, ita ce zufa ta fito ta bushe. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da lita ɗaya a awa, wani ma ya fi haka. In kun fara ƙarfe takwas, zuwa ƙarfe ɗaya yaron ya zubar da kusan lita biyar, wato ledar fiya wata goma. Nawa ya sha? A yawancin wuraren gini da na sani, uku ko huɗu ne. Kuma zufa ba ruwa zalla ba ce. Kowace lita tana tafiya da gishirin da ya kai wajen rabin ƙaramin cokalin shayi, ko da yake wani ya fi wani zubarwa. Shi ne farin zanen da kake gani a rigar lebura idan ta bushe. Ruwan jini ya ragu, sauran kuma ya tafi fata don neman sanyi, sai abin da ke kai wa ƙwaƙwalwa ya yi kaɗan. Daga nan jiri da tashin zuciya suka zo.

Da ina wurin, abu na farko shi ne a ɗauke shi daga rana zuwa inuwa mai iska, ba cikin shagon kwano da aka rufe ba. A kwantar da shi, a ɗora ƙafafunsa a kan bulo ɗaya ko biyu, a cire masa riga da takalman roba. Sai a jiƙa shi. Da girmamawa ga dattijon nan, a wannan bai yi daidai ba: ruwa a jikin wanda zafi ya galabaitar ba ya sandarar da shi, shi ne maganin. Ku da ke da tankin ruwa da bokitai a wurin aiki kun fi kowa kayan yi. A kwara masa a kai, da wuya, da ƙirji, da hammata, wani kuma ya tsaya yana yi masa fifita da kwali ko buhun siminti da aka kaɗe. Fifitar ba ƙari ba ce, ita ce ke busar da ruwan ya tafi da zafin. A Maris da Afrilu, lokacin da iskarmu ta bushe ƙarau, wannan dabara tana aiki da sauri. Idan damina ta matso, gari ya yi gumi, bushewar takan yi jinkiri, sai a ƙara yawan ruwan da sanyinsa.

Sai abin sha. Tunda ya yi amai, kada a miƙa masa leda biyu ya kwankwaɗe, za su dawo. A ɗan jira minti goma, sannan kurɓi kaɗan-kaɗan, akai-akai. Ruwan sanyi ba laifi, ka yi daidai a nan. Abin da ya rage shi ne gishirin. Mafi sauƙi shi ne garin gishiri da sukari na ƙulli da ake sayarwa a kemis, irin wanda ake haɗa wa yara masu gudawa, a narkar da shi a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya. In babu, ka haɗa da kanka: ledar fiya wata biyu, wato lita ɗaya, da sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin wannan cokalin. Ka ɗanɗana kafin ka ba shi. Idan ya fi hawaye gishiri, ya yi yawa, a ƙara ruwa. Lita ɗaya cikin awar farko ta yi, sannan ya ci gaba da sha har yamma, ya kuma ci abinci mai miya. Kada a ba shi gishiri ya lasa haka nan, yana tayar da zuciya. Kishiyar wannan ma kuskure ne: wanda ya yini yana ɗura ruwa zalla ba ya cin komai, gishirin jininsa kan tsinke, ya dawo da ciwon kai da ruɗewa, alhali cikinsa cike da ruwa.

Farasitamol kuwa, bai yi masa komai ba. Wannan magani yana sauke zazzaɓin da ƙwaƙwalwa ta ɗaga da kanta, kamar na cizon sauro. Zafin da ya taru daga rana da aiki ba ya jin sa, kuma idan abin ya kai bugun zafi, hanta na cikin wahala, ba ta bukatar ƙarin kaya. Wanda ya fi ba ni tsoro ma shi ne maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da leburori ke haɗiya da safe don su jure aiki. Ƙodar da ruwa ya yi wa ƙaranci, aka kuma ɗora mata waɗannan, tana iya tsayawa.

Yanzu ka duba agogo. Wanda galabaita ce kawai ta same shi, cikin rabin awa na inuwa da jiƙawa da sha za ka ga ya fara dawowa: jirin ya lafa, ya iya zama, ya nemi ƙari. In rabin awa ta cika bai sauya ba, ko amai ya hana komai zama a cikinsa, a kai shi asibiti don ƙarin ruwa. In ya warware, aikin ranar ya ƙare masa ke nan, gobe ma ya huta ko a ba shi mai sauƙi a inuwa. Ka tambaye shi fitsarinsa da yamma. Idan bai yi ba tun safe, ko ya fito baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara, wannan na iya zama alamar tsoka ta ji rauni tana toshe ƙoda, kuma na asibiti ne ko da yana tafe da ƙafarsa.

Bugun zafi shi ne lokacin da zafin cikin jiki ya kai digiri 40 ko ya wuce, har ƙwaƙwalwa ta fara gazawa. Ba ka da ma'aunin zafi a wurin gini, kuma ba ka bukatarsa. Tambaye shi sunansa, da unguwar da kuke, da wanda ya kawo shi aiki. Idan ya amsa da abin da bai haɗu ba, ko harshensa ya yi nauyi, ko yana tangaɗi kamar mashayi, ko yaro mai ladabi ya tashi yana zagi da neman faɗa ba dalili, ko ya fara jijjiga, ko ya suma bai farfaɗo nan take ba bayan an kwantar da shi, ka ɗauka bugun zafi ne. Mutane da yawa sun ji cewa mai bugun zafi fatarsa takan bushe. Hakan na faruwa, musamman ga tsofaffin da zafi ya dafa a cikin ɗaki. Amma matashin da ya faɗi yana cikin aiki sau da yawa zufa na zuba a jikinsa, saboda haka kada jiƙewar rigarsa ta kwantar maka da hankali. Kada kuma a ɓata lokaci ana cewa iska ce ta taɓa shi. Addu'a ba ta hana kwara ruwa, a yi su tare.

A nan kowane minti yana da tsada, domin ɓarnar da ake yi wa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda tana bin tsawon lokacin da jiki ya yi yana tafasa. A fara sanyaya shi tun a wurin, yayin da wani ya ruga neman mota. A tuɓe shi, a yi ta kwara ruwa mafi sanyi da aka samu ba tsayawa. In akwai mai sayar da ƙanƙara kusa, a saye, a zuba cikin bokitai, a tsoma zannuwa a lulluɓe shi da su ana sauyawa kafin su ɗumama. In kuna da baho ko leda babba da mutum huɗu za su riƙe gefenta, a sa shi ciki da ruwan ƙanƙara zuwa ƙirji, wani ya tallafe kansa. Wannan ya fi kowace hanya saurin sauke zafi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A juya shi kan gefensa saboda amai, in kuma yana jijjiga kada a cusa masa cokali. A cikin mota a buɗe tagogi a ci gaba da jiƙa shi har sashen gaggawa na asibitin da ya fi kusa, ko Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ko ya farfaɗo a hanya kada a juya gida. Raunin hanta da ƙoda kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya bayyana, kuma a wannan lokaci na bazara sanƙarau ma yana zuwa da zafin jiki da ruɗewa, sai an duba ake bambancewa.

Ban san tarihin yaron ba, amma zan so ka bincika ko sabon zuwa ne, ko kuwa bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ko gudawa ba. Jiki na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki a zafi, shi ya sa baƙo ke riga tsofaffin hannu faɗuwa. A makon farko ka rage masa kaya. Ranar zuba kankare, ku fara bayan asuba, ka ajiye ruwa inda hannu zai kai, kowa ya sha kofi ɗaya duk bayan minti 15 zuwa 20 ba sai ya ji ƙishi ba, amma kada ya wuce leda uku a awa. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda a cikinsu kada ya mayar da ruwan gishirin nan abin shan kullum sai ya tambayi likitansa. In kuma aikin ya faɗo cikin azumi, ku mayar da mai nauyin zuwa dare ko sanyin safiya, wanda kuma ya kai halin da yaronka ya kai, a ba shi ruwa ya sha, ya rama daga baya.