Tallan gida: ka ba mai saye lamba, ba yabo ba

"Salam 'yan uwa, gidanmu na gado muke son sayarwa a Rijiyar Zaki. Na rubuta 'katafaren gida mai kyau, wuri mai kyau, kusa da titi', ana ta kira amma duk wanda ya zo ya gani sai ya ce zai yi shawara, shikenan shiru. Me zan gyara?"

Wa alaikumus salam. Malam Allah ya kawo mai saye na alheri. Na daɗe ina harkar dillancin gidaje da filaye a Kano, kuma gaskiya wannan tallan naka kowane gida a garin nan za a iya manna masa shi, shi ya sa kowa yake zuwa da gidan da ya zana a ransa, in ya ga ba shi ba ne sai ya zame. Duk inda ka sa kalmar yabo, tambayi kanka "nawa?" amsar ita za ka rubuta.

Fara da "katafare". Nemi tef ka auna filin, ka rubuta misali ƙafa 50 bai 75, kuma ka faɗi wanne ɓangaren ne yake kallon layi, don 50 a fuska ba ɗaya ba ne da 75 a fuska wajen mai son fitar da shaguna. Ka rubuta kalmar ƙafa ɗin, kar ka bar lamba tsirara, 50 bai 100 a ƙafa kusan mita 15 ne da 30, akwai masu ɗauka mita ake nufi. In filin ya tsuke ta baya kamar yadda ake yawan samu a awon igiya to faɗi faɗin gaba da na baya, mai saye dai sai ya zo da nasa mai awon. Ɗakuna ma haka, "manyan ɗakuna" ba magana ba ce. Ɗaki 12 bai 12 zai ɗauki gado shida da shida da wadirof har a samu wurin shimfiɗa sallaya, 10 bai 10 kuwa gadon kaɗai ya cinye fiye da rabin faɗin, kuma ai uwargida ita za ta yanke hukunci ba shi ba.

Amma inda ciniki ya fi mutuwa shi ne "kusa da titi". Wane titin? Rijiyar Zaki tana da faɗi, wanda yake aiki a sabuwar BUK titin Gwarzo yake nufi, kai kuma ƙila wani titin cikin unguwa kake nufi. Faɗi sunan titin, faɗi kwanar da ake shiga, sannan ka buɗe Google Maps ka auna daga bakin kwalta zuwa ƙofar gida, ko ka taka da ƙafa ka duba agogo. Sai faɗin layin, wannan shi mutane ke ɓoyewa. Ƙaramar mota faɗinta wajen ƙafa 6 ne, layi mai ƙafa 10 za ta shiga amma biyu ba za su gifta ba, juyawa kuma sai da ribas har bakin layi, tifar yashi ma sai an yi dabara. Kwalta ne, burji ne ko turɓaya? Da damina fa, ɗan adaidaita yana yarda ya shiga ko a bakin titi yake sauke mutum? Kar ka ɓoye, maƙwabta za su gaya masa tun kafin ya tada mota.

Ga yadda zan rubuta, lambobin misali ne ka sa naka:

"Gida a Rijiyar Zaki, mita 400 daga titin Gwarzo, tafiyar minti 5 a ƙafa. Fili ƙafa 50 bai 75, ɓangaren 50 ne ke kallon layi, ƙofa tana kallon gabas. Ɗaki 3 kowanne 12 bai 12, falo 14 bai 18, banɗaki 2, kicin, rijiya a tsakar gida. Layi ƙafa 20, burji, akwai kwata gefe ɗaya. Mota 1 tana shiga cikin get. Takardar mai unguwa ce, babu satifiket na gwamnati."

Kira zai ragu sosai, kar hankalinka ya tashi, masu neman ɗaki biyar ko bakin kwalta ne suka cire kansu. Tunda na gado ne ƙara layi ɗaya cewa duk magada sun amince, ana yawan tambayar wannan. Lambar gida da lokeshan kuma kar ka saka a fili, sai kun yi waya ka ji da gaske yake sannan ka tura masa ta WhatsApp.