Riba biyu a wata ɗaya: sauran kuɗin yana cikin sito

*Oga, na haɗa lissafin watan jiya na masana'antar sabulun nan ta hanyoyi biyun da ka koya mini. Majinal, wadda ke ɗora wa kaya kuɗin da ke bin su kaɗai, ta ba ni ribar naira miliyan 8, absofshan kuma, wadda ke haɗa musu da tsayayyen kuɗin masana'anta, ta ba ni miliyan 10.4, alhali ciniki ɗaya ne. A ina na ɓata?*

Ba ka ɓata komai ba, ɗana, duk biyun daidai ne. Ajiye kwamfutar nan ka ɗauko takardar ƙidayar sito, don amsarka tana can.

Kun buga katan 10,000, an sayar da 8,000 a kan naira 6,000 kowanne, saura 2,000 suna jibge. Kowane katan yana cin naira 3,500 na manja da soda da turare da kwali da ladan masu aikin da ake biya bisa yawan abin da suka yi. Wannan kuɗi ne mai bin kaya: in ba a buga katan ba, ba a kashe shi. Ban da shi akwai tsayayyen kuɗin masana'anta, miliyan 12 a wata, wato hayar ginin, albashin masu kula da aiki, da tsufan inji da muke cirewa kowane wata. Shi wannan ko an tayar da inji ko ba a tayar ba, sai an biya.

Duk rigimar hanyoyin biyu a kan miliyan 12 ɗin nan take. Majinal ta ce kuɗin wata ne, a cire shi gaba ɗaya a watan da aka kashe shi. Kowane katan da aka sayar ya bar naira 2,500 bayan an fitar da kuɗin da ya ci, katan 8,000 sun kawo miliyan 20, ka cire 12, ga miliyan 8 ɗinka. Absofshan kuwa cewa ta yi ai da ginin nan da injin nan aka yi sabulun, don haka kowane katan ya ɗauki rabonsa. Ka raba miliyan 12 gida 10,000, kowanne ya tashi da naira 1,200, kuɗin katan ya koma 4,700. To a nan ne abin yake: kuɗin da aka ɗora wa katan ba ya shiga lissafin riba sai ranar da aka sayar da katan ɗin. Guda 8,000 da suka fita sun tafi da miliyan 9.6 kaɗai. Sauran miliyan 2.4 yana maƙale a jikin katan 2,000 da ke sito.

Duba yadda ka ƙiyasta ragowar kayan a takardun biyu. A ɗaya ka rubuta miliyan 7, a ɗaya miliyan 9.4. Ragowar kaya kuwa cire ta ake yi daga kuɗin kayan da aka sarrafa kafin a san na waɗanda aka sayar, saboda haka duk nairar da ka ƙara mata ta ragu daga abin da aka kashe, ta koma riba. Hayar watan jiya an riga an biya mai gini, kuɗi ya fita daga banki, amma wani ɓangarenta ya zauna a takardar kadarori kamar dukiya.

Kada ka ɗauka kuɗin ya ɓace ko an ƙirƙiro shi. Jinkirta shi aka yi. A ce wata mai zuwa kun sake buga 10,000, kasuwa ta buɗe, 'yan kasuwar Singa ta Kano sun kwashe 12,000 har da na sito. Majinal za ta ba ka miliyan 30 a cire 12, saura 18. Absofshan za ta ba ka 15.6, domin tsofaffin katan 2,000 sun fito da miliyan 2.4 ɗinsu sun haɗu da na sabon wata. Haɗa watannin biyu ta kowace hanya, miliyan 26 za ka samu. In kaya sun ƙaru a sito absofshan ce ke nuna riba mafi yawa, in sun ragu majinal ce, in suna nan yadda suke kuma babu bambanci. Duk lokacin da ka haɗa takardun biyu, ka ninka yawan katan da sito ya ƙaru ko ya ragu da shi da rabon kowane katan. In bai yi daidai da tazarar ribar ba, sannan ne za ka nemi kuskure. Ka dai lura idan tsofaffin kayan sun shigo da wani rabo dabam na watan baya, sai ka lissafa nasu da nasu farashin.

Abin da ya fi damuna da wannan tsari, wanda kuma nake so ka iya ganewa tun kana yaro a aikin, shi ne yadda yake ba manaja damar yi wa riba kwalliya ba tare da ya sayar da ko sabulu ɗaya ƙari ba. Da a watan jiya ya sa an yi aikin dare an buga 15,000, rabon kowane katan zai sauko zuwa naira 800. Ciniki yana nan a 8,000, amma ribar absofshan ta haura miliyan 13.6, saboda katan 7,000 da ke sito sun riƙe miliyan 5.6. Majinal ba za ta motsa daga miliyan 8 ba. Mai kamfani zai ga takarda ya yi murna, wataƙila har ya ba da tukuici, alhali an ƙara binne naira miliyan 17.5 na kayan haɗi da lada a katan 5,000 da babu mai nema, ga turare yana gudu, kwali yana shan laima. Alamar ba ta ɓuya: riba na hawa, ciniki a tsaye, sito na cika, asusun banki na bushewa. In ka ga huɗun nan tare, je ka ƙirga katan da kanka.

Kar wannan ya sa ka yi watsi da absofshan, don ba ka da zaɓi a kanta. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ƙiyasta kaya, IAS 2, ta wajabta a saka rabon tsayayyen kuɗin sarrafawa cikin darajar ragowar kaya, kuma da ita masu binciken asusu za su auna lissafinka na ƙarshen shekara. Amma ta kafa sharuɗɗa. Kuɗin masana'anta kaɗai ake ɗorawa; tallan rediyo, man motar raba kaya da albashin ofishin shugaba ba sa shiga katan, yara da yawa nan suke zamewa. Kuma ba a rubuta kaya sama da abin da za su kawo in an sayar bayan cire kuɗin sayarwa.

Sharaɗin da aka fi takawa shi ne na rabon. Ana raba tsayayyen kuɗi ne bisa abin da masana'anta ta saba bugawa, ba abin da ta buga a mugun wata ba. In inji ya lalace ko dizal ya yanke kuka yi 6,000 kaɗai, ba za ka raba miliyan 12 gida 6,000 ka ce katan ya ɗauki naira 2,000 ba. Rabo yana nan a 1,200, kayan sun ɗauki miliyan 7.2, sauran miliyan 4.8 kuma ka cire shi daga ribar watan kai tsaye. Asarar zaman inji ba kadara ba ce. A watan da aka buga fiye da kima kuwa dole rabon ya sauko, kamar 800 ɗin ɗazu, don kada a rubuta kaya sama da abin da aka kashe musu.

A taron wata-wata ni majinal nake kai wa mai kamfani, don ita ce ke bin ciniki sawu da ƙafa, ita ce kuma za ta gaya masa ko ya karɓi tayin dilan da ya ce zai ɗauki katan 1,000 a kan 4,200. A idon absofshan faɗuwa ce, tunda bai kai 4,700 ba. Amma in inji yana da sarari kuma farashin ba zai ɓata sauran kasuwa ba, kowane katan zai bar naira 700 da dā babu ita, haya kuwa ba ta ƙaru ba.

Kai masa duk biyun gobe, ka rubuta layi ɗaya a ƙasa: katan 2,000 sau naira 1,200, miliyan 2.4. Kafin nan ka sauka sito ku sake ƙidaya da mai ajiya, ku ware waɗanda suka jiƙe.