Neman hutun aikin sa kai: abin da ya kamata mai kamfani ya gani a cikin wasiƙarka

Malam, ina gaisuwa. Ni ɗan Tawa ne, shekarata huɗu ina aikin ajiyar kaya a wani kamfanin rarraba kayan abinci kusa da Liyon a Faransa, mu kusan 80 ne a wurin. Wata ƙungiyar agaji mai aiki a yankinmu ta nemi in zo in kula mata da ɗakin ajiyar hatsi da abincin yara masu tamowa na wata uku, daga Yuni zuwa Agusta. Na rubuta wasiƙar neman hutu har sau biyu ina yagewa, saboda duk sai ta fito kamar roƙo. Yaya zan nuna wa shugabana cewa shi ma zai ƙaru da tafiyar nan?

Ƙanena, ina amsa gaisuwa daga Yamai. Kafin ka sake ɗaukar alƙalami, ka fara tantance irin hutun da kake nema, domin shi ne zai nuna maka yawan lallashin da wasiƙar ke buƙata. Dokar aiki ta Faransa ta tanadi wani hutu na musamman ga ma'aikacin da zai je aikin agaji a wajen ƙasar, kuma sunan da za ka rubuta a saman wasiƙar shi ne congé de solidarité internationale. Idan babu wata yarjejeniya ta kamfaninku ko ta sashen sana'arku da ta tsara abin dabam, sharaɗinsa shi ne ka yi wata 12 a kamfanin, kada hutun ya wuce wata shida, kuma ka sanar da su aƙalla kwana 30 kafin ranar tafiya. Ba a biyan albashi a cikinsa, amma idan ka dawo za a mayar da kai kan aikinka ko makamancinsa da albashin da bai gaza na da ba, kai kuma ka kawo takardar shaida daga ƙungiyar cewa ka yi aikin. Mai kamfani yana da kwana 15 ya ba ka amsa, shirunsa bayan haka yarda ce, kuma idan zai ƙi sai ya kawo hujja, kamar cewa rashinka zai cutar da tafiyar aiki.

Inda 'yan'uwanmu suka fi tuntuɓe shi ne wajen ƙungiyar kanta. Wannan hutun ba ya hawa kan kowace ƙungiya, sai wadda sunanta ke cikin jerin da hukumar Faransa ta fitar, na ƙungiyoyin agaji masu rajista a can da hukumomin duniya da Faransa ke ciki. Idan wadda ta kira ka ƙungiyar 'yan gari ce mai rajista a Tawa kawai, komai kyawun aikinta, abin da ya rage maka shi ne hutu marar albashi, wanda mai kamfani ke bayarwa don ganin damarsa, yana kuma iya hanawa ba tare da ya faɗi dalili ba. Saboda haka ka tambayi ƙungiyar a rubuce ko tana cikin jerin, ka kuma tambaye ta ko izininta na aiki a Nijar yana nan, tunda a 'yan shekarun nan hukumomin ƙasar sun janye izinin wasu ƙungiyoyin waje. Idan tana cikin jerin, bayanin ƙwarewa ƙari ne da zai sassauta zuciyar shugaba. Idan ba ta ciki, bayanin nan shi ne dukan jarinka.

Na san abin da ya sa wasiƙunka biyu suka fito kamar roƙo ko da ban gan su ba: ka fara da halin da mutanen gida ke ciki. Mu 'yan Adar haka aka koya mana magana, sai mun shimfiɗa tabarma kafin mu kai ga buƙata. Amma wanda zai karanta wasiƙar nan tambaya biyu ce a ransa, wato wa zai riƙe wurinka tsawon wata uku, da kuma abin da zai samu idan ka dawo. Jimla ɗaya ta isa ga bayanin ƙungiyar da aikinta, sauran takardar kuma ta tafi ga amsa waɗannan biyun.

Hanyar da nake ba da shawara ita ce ka faro daga kamfanin, ba daga Tawa ba. Ka zauna ka tuna abubuwan da shugabanku ya fi kuka da su a shekarar da ta wuce, ko waɗanda aka rubuta maka a ganawar da ake yi da ma'aikaci don duba aikinsa. A wurin ajiyar kayan abinci ba sa wuce 'yan ƙalilan: kayan da wa'adinsu ke ƙarewa a kan kanta a zubar, bambanci tsakanin abin da na'ura ta ce akwai da abin da aka ƙirga da hannu, sababbin ma'aikata na wucin gadi da ba a samun mai koya musu, da rashin wanda zai jagoranci rukuni idan shugaban rukunin ba ya nan. Ka zaɓi biyu, in ya yi yawa uku, waɗanda aikin Tawa ya taɓa da gaske. Kowanne kuma ka gina shi da ƙafa uku: aikin da za ka yi a can, da adadinsa, da wurin da zai sauka a kamfanin.

Bari mu gwada da lamarinka, amma alƙaluman nan misali ne, sai ka karɓi na gaskiya daga ƙungiyar. A ce za ka kula da ɗaki mai ɗaukar buhu 2,000 na hatsi da katan 600 na abincin gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa, wanda kowane katan ke ɗauke da ƙunshi 150, kuma mutum takwas za su yi aiki a ƙarƙashinka. Mai rubutu da gaggawa zai ce, "Wannan tafiya za ta ƙara mini ƙwarewar shugabanci da juriya." Shugabanka ya karanta irin wannan jimla sau ɗari, ba za ta tsayar da idonsa ba. Kai kuwa ka rubuta da Faransanci abin da ma'anarsa ke kamar haka: "A can zan jagoranci mutum takwas, in tsara musu aikin kowane mako, in koya musu fitar da kaya bisa ranar ƙarewar wa'adi, wanda ya fi kusa shi ne farkon fita. A nan ban taɓa riƙe rukuni fiye da kwana biyu ba. Idan na dawo zan iya tsaya wa shugaban rukunin yamma lokacin hutunsa, in kuma ɗauki nauyin koya wa ma'aikatan wucin gadi da muke ɗauka kafin bukukuwan ƙarshen shekara." Ka lura cewa ka amsa gazawarka da bakinka, kuma wannan ne ke sa a yarda da sauran maganar.

Na biyu kuma ya fi ƙarfi, domin abu ne da ba a iya koya a Liyon. A ɗakin ajiya na karkara wuta tana ɗaukewa, don haka lissafi yana kan katin takarda da ke rataye a jikin kowane tarin kaya, ana rubuta shiga da fita da abin da ya rage, a ƙarshen wata a ƙirga da hannu a gwada. Da damina kuma mota takan makara saboda ƙoramu sun cika, sai mai ajiya ya iya lissafin yawan kayan da zai riƙe a hannu don kada su yanke kafin wata motar ta iso. Ka rubuta cewa za ka yi wata uku kana riƙe lissafi ba da na'ura ba, kuma idan ka dawo za ka tsara wa kamfanin takarda mai shafi ɗaya ko biyu ta yadda za a ci gaba da lodi ranar da na'urar ta tsaya. Idan hakan ya taɓa faruwa a wurinku, ka ambaci watan, shugaban zai tuna motocin da suka jeru a ƙofa. Amma kada ka yi alkawarin rage asara da kaso kaza cikin ɗari, domin ba ka da ikon tabbatarwa, kuma za a riƙe ka da shi.

Wanda zai riƙe wurinka shi ne inda ake ƙin buƙata ko a yarda, tunda babbar hujjar da doka ta ba mai kamfani ita ce cutar da tafiyar aiki. Watannin da ka zaɓa su ne lokacin da hatsi ke ƙarewa a rumbunan gida kafin kaka, amma su ne kuma lokacin da abokan aikinka ke ɗaukar hutunsu na shekara, musamman Yuli da Agusta. Kada ka bari shi ya tuna maka da wannan. Ka faɗa da kanka, ka kawo sunan abokin aikin da ka riga ka yi magana da shi, ka ce za ka koya masa aikinka a cikin mako huɗu na Mayu, kuma hutunka na shekara za ka ɗauke shi a lokacin da aiki ya yi sauƙi. Idan ƙungiyar za ta yarda, ka ba da zaɓi na biyu, misali daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuli, domin shugaba ya fi saurin zaɓa tsakanin abu biyu da ya ce e ga abu ɗaya.

Idan tafiyar 1 ga Yuni ce, ƙa'idar kwana 30 na nufin wasiƙar ta isa hannunsu kafin 2 ga Mayu, amma ni a ganina ka yi masa magana baki da baki tun farkon Maris, kafin a rufe jadawalin hutun ma'aikata, sannan ka aika wasiƙar ta gidan waya da takardar shaidar karɓa, domin daga ranar karɓa da ke jikin takardar shaidar ake ƙirga kwana 15. A ciki ka sa ranar tafiya da ta dawowa da cikakken sunan ƙungiyar, ka haɗa da takardar gayyatarta mai bayyana aikin da adadin mutanen da za ka riƙe. Idan hutu marar albashi na ganin damar mai kamfani ne, kada ka hau jirgi sai da amsa a rubuce mai ɗauke da ranar dawowa da muƙamin da za ka koma, domin a wannan hutun shiru ba yarda ba ne.

Ka kuma duba katin zamanka kafin ka tsayar da rana. Ana shigar da buƙatar sabuntawa tsakanin wata huɗu da wata biyu kafin ya ƙare, kuma idan ya mutu kana Tawa sai ka nemi bizar komawa, alhali ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. Dokar shige da fice ta 26 ga Janairun 2024 kuma ta ɗora sharaɗin zama a Faransa aƙalla wata shida a kowace shekara ga masu sabunta kati mai shekaru da yawa. Wata ukunka ba su kai nan ba, amma ka haɗa su da duk wata tafiya gida da ka yi ko za ka yi a cikin shekarar, ka ajiye tikitin zuwa da na dawowa tare da takardar shaidar ƙungiyar.