Wa zai fara buga fenareti, kuma ina gola zai faɗa?

"Don Allah masana, in wasa ya kai ga bugun fenareti, gwanin ƙungiya a farko ake sa shi ko a na biyar? Kuma yaya gola yake gane inda za a buga?"

To, salamu alaikum jama'a. Malam, kada ka ajiye gwaninka a na biyar, domin ba kullum ake kaiwa can ba. Ka tuna wasan ƙarshe na Kofin Afirka a 2022, Masar da Senegal. Salah ne na biyar, 'yan Masar biyu suka ɓarar, Mane ya ci, aka tashi 4-2, Salah bai ko taɓa ƙwallon ba. Haka ta faru da Ronaldo a 2012 da Sifaniya. Ni a ganina, wanda ka fi amincewa da shi ya fara, na biyunsa a ƙwarewa ya riƙe na huɗu, tunda sau da yawa nan ne ko ka ci ko ku fita. Masu sanyin jiki a sa su na biyu da na uku. Kuma a tsara har na shida da na bakwai tun a atisaye, kada a tsaya tsakiyar fili ana tambayar wa ke so.

Sai maganar gola. Mita 11 ne tsakaninsa da ƙwallo, faɗin raga mita 7.32, bugu mai ƙarfi kuma kusan rabin daƙiƙa ya iso. In ya jira ya ga inda ta nufa, ya makara. Shi ya sa yake farawa da ƙafa: mai ƙafar dama ya fi samun ƙarfi in ya buga hannun daman gola, bahago kuma hagunsa. Bayan haka ya kalli ƙafar da aka dasa kusa da ƙwallo, don yawanci inda yatsunta suka nuna can za ta. In ƙugun mai bugu ya buɗe, to ɓangaren da ba na ƙarfin ƙafarsa ba zai sa ta. Kada ya bi ido, da ido ake yaudara.

Amma fa karatun nan kowa yana yi wa kowa. A wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Mosko, 2008, an faɗa wa 'yan Chelsea cewa Van der Sar, golan Manchester United, ya saba faɗawa ɓangaren da ƙafar mai bugu ta fi so. Sai shida na farko duk suka buga hagunsa, har da Terry da ya zame. Kun ga matsalar? Su ma sun zama abin karantawa. Da Anelka ya zo na bakwai, Van der Sar ya nuna masa hagu da yatsa. Anelka ya sauya, ya buga daman gola, tsaka-tsakin tsayi, daidai inda hannun gola ya fi saurin kaiwa, ya kuwa ture ta. Don haka in kun raba wa 'yan wasa ɓangare, a cuɗanya, wani ma ya sa ta tsakiya sama, kuma wanda ya zaɓi gefensa kada ya sauya yana cikin gudu.