Karen Ya Yi Haushi, Amma Wa Zai Yarda da Shi?

Tambaya: Malam, ina rubuta gajeren labari a kan karen gadi da ya tashi mutanen gida cikin dare lokacin da gobara ta kama. Na sa ya shiga ɗaki ya ja rigar maigida, amma ƙawata ta karanta ta ce abin bai kama hankali ba. Ina gyaran yake?

Amsa: Ƙawarki ta yi gaskiya, Malama. A yawancin gidajenmu kare ba ya shiga ɗakin kwana. Wurinsa tsakar gida, ko bakin zaure, ko kusa da turken awaki, kuma da dare ana saka sakata. To ta ina ya bi har ya kai ga rigar maigida? Ki bar shi a waje. Wannan ƙofar da ke rufe ita ce ƙashin bayan labarinki.

Gano wutar ba shi ne wahalar kare ba. Hancinsa ya fi namu nesa ba kusa ba, kunnensa kuma yana kama sauti mai kaɗawa fiye da sau 40,000 a daƙiƙa, alhali namu bai wuce 20,000 ba. Shi kuwa mai barci, jin warinsa yana raguwa ƙwarai, hayaƙi ma sai ya ƙara masa nauyin jiki maimakon ya farkar da shi. Wahalar ita ce kullum karen nan yana haushi. Ya yi wa mage, ya yi wa mai wucewa, ya amsa wa karnukan maƙwabta. Mutanen gida sun saba har kunnensu ya daina ɗauka. Saboda haka tun a farkon labari ki nuna mana wani dare da ya yi haushin banza, maigida ya fito da tocila bai ga komai ba, ya wurga masa takalmi ya koma. Idan babu wannan daren, daren gobarar ba zai yi nauyi ba.

Mu gwada. Lokacin hunturu ne, iska tana kaɗawa, komai ya bushe. An gama tuwon dare ba a kashe garwashin murhu sosai ba, ga damin kara jingine da dangar madafi. Wajen ƙarfe 2 na dare karen, mu kira shi Duna, ya ɗaga kai yana shinshina. Ba da haushi zai fara ba. Zai miƙe ya yi ta kai da kawo, yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa, jela a matse. Da karan ya fara ƙas-ƙas sai haushin ya ɓarke, a jere babu numfasawa, da murya siririya, ba irin mai kauri da gurnani da yake yi wa baƙo a bakin ƙofa ba. Maigida ya juya ya ce, "Wannan kare zai hana mu barci yau ma," ya ja bargo.

Nan ne za ki dakata ki ja wa mai karatu rai. Wa zai fara lura cewa muryar ta sauya? Ni dai mai shayarwa zan zaɓa, domin barcinta ba ya nisa, ko kuwa yaron da ke zuba wa Duna sauran tuwo kullum. Sai mai shayarwar ta ji abin da ba ta taɓa ji ba: farata suna karce ƙyauren langa-langa. Karen da ya san duka ke jiransa idan ya matso bakin ɗaki, yau ga shi yana dukan ƙofa da ƙafafunsa. Ta taɓa mijinta ta ce, "Malam, tashi, kukan nan ba na lafiya ba ne." Ya ce ko aljanu ya gani, kamar yadda mutane kan faɗa. Kafin ya rufe baki ta hango jan haske ta ƙasan ƙofa.

Abu biyu ki kiyaye. Kada ki sa Duna ya kutsa cikin wuta ya ɗauko jariri. Kare tsoron wuta yake yi, kuma wannan tsoron ne ke kora shi wurin mutanensa. Kada kuma ki shiga kansa ki ce "ya yi tunanin ceton iyalin". Ki nuna mana kunnuwansa, jelarsa da faratansa, mai karatu zai fassara da kansa.

Sannan ki duba ko a ɗaure yake. In akwai sarƙa a wuyansa, ba zai kai ƙofa ba, sai dai ƙarar sarƙar da yake fizga ta yi aikin faratan. In kuwa kina son ya kai, to ki nuna mana tun da magariba yaron nan ya kwance shi a ɓoye, duk da babansa ya hana.